Kashi 3 a takarda, kashi 72 a aljihu: yadda za ka lissafa ainihin tsadar bashi

A ce wata Hajiya mai sayar da atamfa a Kantin Kwari tana neman ƙarin jari na naira 600,000 kafin kasuwar salla. Ta je wani ƙaramin banki, jami'in rance ya ce mata: "Hajiya, ruwanmu ba shi da yawa, kashi 3 ne kacal a wata, kuma shekara guda za ki yi kina biya." Ya rubuta mata lissafin a bayan fom. Kashi 3 na 600,000 shi ne 18,000. Uwar kuɗin in an raba ta gida 12, kowane wata 50,000. Saboda haka za ta riƙa kawo 68,000 duk ƙarshen wata, sau 12. Ta buga a ranta, 3 sau 12 ya zama 36, ta ce to, kashi 36 a shekara, da tsada amma za a iya.

Ranar da kuɗin suka shigo, 570,000 ta gani. An cire 6,000 na gudanarwa, 9,000 na inshora, 5,000 na fom da binciken tarihin bashinta, da 10,000 na takardun lauya. Duk an rubuta su a takardar yarjejeniya, ba wanda ya yi mata ƙarya. Sai dai tsadar wannan bashi a shekara ba kashi 36 ba ce, kashi 72 ce. Hanyar da ake bi a kai ga wannan adadi nake so in nuna, domin wanda ya iya ta sau ɗaya zai iya auna kowane irin rance da ita, na banki ne, na manhajar waya ne, ko na kamfanin da ke ba da babur a biya kaɗan-kaɗan.

Adadin da muke nema shi ne wanda ake rubuta wa APR a takardun banki, a Nijar da sauran ƙasashen sefa kuma TEG. Ba a samun sa ta hanyar tara kason da aka faɗa maka. Mantawa za ka yi da sunan da aka raɗa wa kowane caji, ka riƙe abu biyu kawai: nawa ne ya shigo hannunka kuma yaushe, nawa ne ya fita daga hannunka kuma yaushe. Daga nan sai ka nemi kason ruwa guda ɗaya wanda in aka auna duk biyan da za ka yi da shi, darajarsu a yau za ta zo daidai da abin da ka karɓa a yau.

Kafin mu shiga lissafin, ya kamata a ga inda 36 ɗin ta kauce, domin wuri biyu ne. Na farko shi ne cajin da aka yanke tun daga tushe. Hajiya tana biyan ruwa a kan 600,000 alhali 570,000 ta juya. Na biyu ya fi girma, kuma shi mutane suka fi kasa gani. Ruwan da aka ɗora mata irin wanda ma'aikatan banki ke kira fulat ne, wato ana lissafa shi a kan uwar kuɗin farko har zuwa ƙarshe, ko da ta biya rabi. A wata na 12, naira 50,000 kaɗai ake bin ta, amma 18,000 ɗin nan tana nan daram. Kamar ka karɓi hayar shaguna 12 ne, kana mayar da makullin guda duk wata, mai gida kuma yana karɓar hayar 12 cif har ranar da ka mayar da na ƙarshe. In ka duba shekarar gaba ɗayanta, kuɗin bankin da ke hannunta a tsakaice bai fi rabi da kaɗan ba, shi ya sa ainihin ruwan yake kusan ninka wanda aka faɗa.

Yanzu ɗauki takarda ka ja layi 13. Layin farko na yau ne, ka rubuta abin da ya shigo: 570,000. Sauran 12 ɗin na watanni ne, kowanne 68,000 mai fita. Wannan jerin shi ne aikin gaba ɗaya, kuma kusan duk kuskuren da ake yi a nan ake yin sa. Ma'aunin abin da zai shiga jerin mai sauƙi ne: duk kuɗin da ba za ka biya ba da ba ka ci bashin nan ba, ya shiga. Inshorar da aka wajabta maka ta shiga. Harajin VAT da aka ɗora a kan caji ya shiga. Kuɗin fom da ka biya da tsabar kuɗi a kanta, ba daga cikin rancen ba, shi ma a rage shi daga layin farko, tunda ya fita daga aljihunka. In akwai cajin kula da asusu na 500 duk wata wanda rancen ne ya jawo shi, biyanka na wata 68,500 ne, ba 68,000 ba.

Sai batun darajar yau. Naira 68,000 da za ka biya nan da wata guda ba daidai take da 68,000 ta yau ba, domin a tsakani kana juya ta. In kuɗi na haihuwar kashi 6 a wata, naira 64,151 ta yau ce za ta zama 68,000 nan da wata guda. Ana samun wannan ta raba 68,000 da 1.06. Biyan wata na biyu sau biyu za a raba shi, ya ba da 60,520. Haka za a yi ta tafiya har na 12, wanda bayan rabawa sau 12 ya koma 33,794. A yawancin ƙananan kalkuleta na shago, in ka buga `68000 ÷ 1.06 =` sannan ka ci gaba da danna `=`, kowane dannawa zai ba ka na wata mai zuwa, kai dai ka riƙa rubutawa ka tara. In biyan duk iri ɗaya ne kuma wayarka na da kalkuleta irin ta 'yan makaranta, ga gajeriyar hanya, inda `r` ke nufin ruwan wata, `n` kuma yawan biya:

```
darajar yau = biya × (1 − (1 + r)^−n) ÷ r
```

Abin da ba mu sani ba shi ne `r`, kuma in biyan ya kai 12 babu wata dabarar aljebra da za ta fito da shi kai tsaye. Gwadawa ake yi, a matsa, a sake gwadawa. Kwamfuta ma haka take yi, sauri kawai ta fi mu.

Mu fara da kashi 3 ɗin da jami'in ya faɗa. Darajar biyan 12 a yau ta zo 676,872. Wannan ya zarce 570,000 da fiye da dubu ɗari, saboda haka 3 ta yi kaɗan ƙwarai. Ƙa'idar ita ce in jimlar ta fi abin da ka karɓa, ka ƙara kason, in ta gaza, ka rage shi. Kashi 5 ya ba da 602,701, har yanzu da saura. Kashi 7 ya ba da 540,103, an wuce. To amsar tana tsakanin 5 da 7. Tazarar da ke tsakanin jimlolin biyu 62,598 ce, daga 602,701 zuwa inda muka nufa kuma 32,701 ce, wato rabin hanya da ɗoriya kaɗan. Rabin hanya tsakanin 5 da 7 shi ne 6. In ka gwada kashi 6 za ka sami 570,101, bambancin naira 101 kacal a cikin fiye da rabin miliyan. Ba sai an ƙara wahalar da kai ba, ruwan watan Hajiya kashi 6 ne.

Kada ka yarda da amsar sai ka jarraba ta, kuma jarrabawar ba ta buƙatar komai sai haɗawa da ɗebewa. Ɗauki 570,000 a matsayin bashi, ka ɗora masa kashi 6, wato 34,200, ya zama 604,200. Cire 68,000, saura 536,200. Wata na biyu ruwan 32,172 ne, bayan biya saura 500,372. Ci gaba da haka har sau 12. In kason daidai ne, za ka ƙare a sifiri ko dab da shi. A nan za ka ƙare da rarar kusan naira 200, wadda ita ce waccan 101 ɗin bayan ta yi shekara tana haihuwa. In ka ƙare da dubbai a sama ko a ƙasa, akwai kuskure a wani wuri, kuma galibi an tsallake wata ɗaya ne ko an ƙirga shi sau biyu.

Saura mayar da na wata zuwa na shekara, kuma a nan gizo ke saƙa, domin hanya biyu ce kuma duka ana kiran sakamakonsu da suna ɗaya. Hanya ta farko ninkawa ce kawai: 6 sau 12, kashi 72. Haka ake yi a Amurka a ƙarƙashin dokarsu ta 1968 da ta tilasta wa masu ba da rance bayyana tsadarsa. Hanya ta biyu tana lissafa ruwa a kan ruwa: ka ninka 1.06 da kansa sau 12, ka cire 1, ka sami kusan kashi 101. Haka ake yi a Birtaniya da Tarayyar Turai. Bashi ɗaya, 72 ko 101, kuma babu wanda ya yi kuskure. Ni na fi son ta biyu in ana kwatanta rancen da ake biya mako-mako da wanda ake biya wata-wata, domin ita ce ke mayar da su kan sikeli ɗaya. Ta farko ta fi sauƙin faɗa a baki. Abin da bai kamata ba shi ne ka auna wani banki da ta farko, ka auna wani da ta biyu, ka ce ka kwatanta. Kuma in mako-mako ake biya, kason da ka samo na mako ne, da 52 za ka ninka shi.

Mai Excel ko Google Sheets, ko da a waya ne, zai gama wannan cikin minti ɗaya:

```
=RATE(12,-68000,570000)
=RATE(12,-68000,570000)*12
=(1+RATE(12,-68000,570000))^12-1
```

Layin farko ya ba da na wata, na biyu 72, na uku 101. Lura da alamar ɗebewa a gaban 68000. Dole kuɗin shiga da na fita su sha bamban a alama, in ba haka ba `#NUM!` za ka gani. In biyan ba iri ɗaya ba ne, jera su daga `A1` zuwa `A13` ka buga `=IRR(A1:A13)`, kuma watan da ba a biya komai ba ka rubuta masa 0, kada ka bar gurbin fanko, domin tsallake shi za a yi, watannin su ragu. In kwanakin biyan ba su da tsari, akwai `XIRR`, wanda ake ba shi kuɗi da kwanan wata. Shi kuwa amsarsa ta shekara ce tun asali, mai ruwa a kan ruwa, kada ka sake ninka ta da 12. Ga masu Excel na Faransanci a Maraɗi ko Damagaram, sunayen su ne `TAUX`, `TRI` da `TRI.PAIEMENTS`.

Da zarar jerin yana hannunka, za ka iya ganin nauyin kowane abu shi kaɗai. Sa 600,000 a layin farko, kamar ba a yanki komai ba, ruwan wata ya koma 5.08, wato kusan kashi 61 a shekara. Kenan tsarin fulat shi kaɗai ya ɗauke ta daga 36 zuwa 61, cajin naira 30,000 kuma ya ƙara 11 a kai. Da a ce wata 6 aka ba ta da caji iri ɗaya, tana biyan 118,000 duk wata, da tsadar ta kai kusan 79, saboda cajin bai ragu ba amma lokacin da za ta mori kuɗin ya ragu.

Akwai wani sharaɗi da yawancin masu karɓar rance ba sa ɗauka a matsayin tsada, wato ajiyar dole. A ce bankin ya ce sai Hajiya ta bar kashi 10 na rancen, naira 60,000, a asusun ajiya da ba za ta taɓa ba sai ta gama biya. Jami'in zai ce, "Ai kuɗinki ne, Hajiya, suna nan suna jiran ki." Gaskiya ya faɗa, amma ba za ta sayi atamfa ko turmi ɗaya da su ba, kuma tana biyan ruwa a kansu. A jerin, layin farko ya koma 510,000, layin ƙarshe kuma 8,000, tunda za ta biya 68,000 a mayar mata da 60,000. In ba a ba ta komai a kan ajiyar ba, ruwan wata ya zama 7.13, wato kusan kashi 86 a shekara, ko kimanin 129 ta hanya ta biyu. Sharaɗin da ba a kira shi caji ba ya fi duk cajin huɗun nan tsada in an haɗa su.

Ga amfanin lissafin wajen zaɓi. A ce wani bankin ya ce nasa ruwan kashi 4.5 ne a wata, amma a kan ragowar bashi yake ɗora shi, cajinsa kuma 6,000 ne kawai. Kunne zai ce 3 ta fi 4.5 araha. Biyan wata a nan 65,800 ne, abin da ya shigo hannu 594,000, ruwan wata na ainihi 4.68, a shekara kusan kashi 56. Mai 4.5 ya fi mai 3 araha da maki 16. A wannan misalin ko ido ma zai iya ganewa, tunda wa'adinsu ɗaya kuma biyan ya fi ƙanƙanta. Amma in ɗaya na wata 9 ne ɗaya na wata 15, ɗaya yana yanka a gaba ɗaya yana ɗorawa a baya, ido ba zai raba gardamar ba.

Rancen manhajar waya ya fi kowanne sauƙin lissafi, domin sau da yawa biya ɗaya ne. Ka nemi 50,000 na kwana 30, aka turo maka 45,000, aka ce ka mayar da 55,000. Raba 55,000 da 45,000 ka cire 1, ka sami kashi 22.2 cikin kwana 30. Ninka da 365 ka raba da 30, kashi 270 a shekara, ta hanya ta biyu kuma ya haura 1,000. Wani zai ce ai ba shekara zan yi da shi ba, naira dubu goma ce kawai. In da gaske wata ɗaya ne ka rabu da shi, maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, kuma a irin wannan gajeren rance yana da kyau ka dubi adadin nairar tare da kason. Matsalar ita ce wanda ke cin sabon bashi don ya biya tsoho duk ƙarshen wata, shi kam tsadar shekarar yake biya da gaske.

Masu karatu na Nijar suna da wani ƙarin dalili na iya wannan lissafi. A ƙasashen da ke ƙarƙashin babban bankin BCEAO akwai iyakar da doka ta sa wa TEG, kuma a farkon 2014 an tsayar da ita a kan kashi 15 ga bankuna, 24 ga cibiyoyin ƙananan rance. Tunda da TEG ake auna iyakar, ba da kason da ke jikin talla ba, cajin da aka yanka a gaba yana cikin abin da ake ƙirgawa. Wanda kuma ya guji bashin ruwa saboda addini, ya nufi bankunan da ba sa mu'amala da ruwa irin su Jaiz ko TAJ, lissafin bai bar shi ba. A murabaha banki ne ke sayen kayan ya sayar maka da riba sananniya, ka biya kashi-kashi. Hukuncin cinikin na malamai ne. Amma in kana son sanin tayin wane ne ya fi sauƙi, rubuta farashin kayan na kuɗi hannu a layin farko, ka rage kafin alƙalamin da ka bayar da duk wani caji, ka jera biyanka a ƙasa, ka warware kamar yadda muka yi.

Adadin yana da iyakarsa. Yana ɗauka cewa za ka biya kowane kashi a ranarsa, saboda haka tarar jinkiri ba ta cikinsa, kuma ga mai cinikin da ke hawa da sauka tarar tana iya fin komai ciwo. In yarjejeniyar ta ba banki damar sauya ruwa a tsakiyar tafiya, amsarka ta yau ce kawai. Haka nan ba ya gaya maka ko za ka iya biya. Kashi 6 a wata yana nufin dole jarin da Hajiya ta ƙara ya riƙa kawo ribar da ta haura kashi 6 duk wata, bayan an cire kuɗin mota, dako da kayan da suka kwanta, kafin a ce ta ci wani abu. Mai juya kaya sau biyu a wata zai iya. Wanda kayansa ke wata uku a shago, bankin yake yi wa aiki.

Abin da za ka nema kafin ka sa hannu bai wuce uku ba, kuma a rubuce: ainihin kuɗin da zai shigo asusunka, jadawalin biya da kwanakinsa, da abin da za a karɓa in ka zo biyan bashin gaba ɗaya kafin wa'adi. Na ukun nan mutane ba su cika tambaya ba. A ce kasuwar salla ta yi wa Hajiya kyau, ta zo a wata na 6 za ta sauke nauyin, aka ce mata ruwan shekara ne a yarjejeniya, sai ta kawo duk abin da ya rage. Jerinta ya koma biya 5 na 68,000, da na shida 476,000. Jimlar nairar da ta biya ba ta canza ba, amma ta mayar da kuɗin da wuri, saboda haka ruwan wata ya tashi zuwa 8.06, kusan kashi 97 a shekara. A irin wannan yarjejeniya, in ba za a yafe mata ruwan watannin da suka rage ba, gara ta riƙe kuɗinta tana juyawa, ta ci gaba da kai 68,000 duk ƙarshen wata har wa'adin ya cika.